Sunan Aro Ba Ya Rufe Katara: Yadda Kalma Ɗaya Ke Sa a Sauke Kayanka Daga Kasuwar Intanet

Idan Bahaushe ya aiki yaro sayen Omo, ba lalle ne yana nufin garin sabulun kamfanin Unilever ba. Duk wanda yaron ya samo, in dai zai yi kumfa, Omo ne. Haka magi, haka makilin, haka basilin. A kasuwar Kantin Kwari za ka ji ana cewa "wannan gezna ce" ko "wannan holan ce", alhali mai sayarwa da mai saye duk sun san ba daga Ostiriya ko Holan yadin ya fito ba. Sunan ya tashi daga na kamfani ya koma na nau'in kaya, kuma a bakin kasuwa babu wanda ke tsayar da kai a kan haka.

A kasuwar intanet kuwa ana tsayarwa. Waɗannan sunaye suna da masu su, masu su kuma suna da ma'aikata da manhajoji waɗanda ba su da aiki sai bin shafukan saye da sayarwa suna neman inda aka rubuta sunan. Kalmar da ka faɗa sau dubu a shago ba a ce maka uffan ba, idan ka rubuta ta a taken kayanka a Etsy ko eBay ko Amazon, tana iya sa ka wayi gari an sauke tallar, wani lokaci ma an rufe shagon gaba ɗaya.

Ka'idar da ke ƙarƙashin wannan duka guda ɗaya ce. Sunan kamfani a jikin talla amsa ce ga tambayar "wa ya yi wannan kaya?" Idan ba shi ya yi ba, kuma ba don a haɗa da nasa aka yi naka ba, sunansa ba shi da gurbi a tallarka. Sauran bayanin duk rassa ne.

Takalmi ɗaya, take ɗaya

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah ce 'yar Kano da ke zaune a Ingila, tana da shago a Etsy. 'Yan'uwanta suna aiko mata da takalman fata da jakunkuna daga wajen dukawan Ƙofar Wambai, ita kuma tana sayar wa mutanen Turai da Amurka. Etsy tana ba mai kaya gurbin take mai ɗaukar haruffa 140, da gurabe 13 na kalmomin nema, waɗanda aka rubuta wa `Tags` a shafin, kowanne ba ya wuce haruffa 20. Da waɗannan kalmomi ne injin binciken shafin yake haɗa mai nema da kaya.

Ta saka silifas na fata mai launin ƙasa, sati uku babu ko mai leƙe. Sai ta lura cewa masu irin takalmin suna rubuta sunan wani shahararren takalmi na kamfanin Hermès na Faransa, wanda ake kira Oran. Ta gyara takenta ya koma haka:

```
Hermes Oran Style Leather Sandals, Designer Inspired H Slides
```

A kalmomin nema ma ta ƙara `hermes inspired` da `oran dupe`. Da ta ga masu leƙe sun ƙaru, sai ta kwafe waɗannan kalmomi 13 ta liƙa su a sauran takalmanta goma sha ɗaya, don kada ta sha wahalar rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo: an karɓi ƙorafin keta alamar kasuwanci, an sauke tallace-tallace goma sha biyu.

Abin da zai fara zuwa bakinta shi ne, ai ban ce na Hermès ba ne, cewa na yi irinsa ne. To a nan mutane da yawa ke faɗawa. Kalmomin `style` da `inspired` da `dupe` ba sa wanke mai talla. Hasali ma shaida ce a kansa, domin da hannunsa ya rubuta cewa ya san kayan ba na kamfanin ba ne, amma ya ɗauki sunan don ya janyo masu neman kayan kamfanin. Dokar eBay ta faɗi haka ƙarara: ba a yarda a sa sunan kamfanin da bai da alaƙa da kayan ba, ko da da sunan kwatance ne.

Abu na biyu da bai cece ta ba shi ne ɓoye sunan a kalmomin nema. Mutane suna zaton tunda mai saye ba ya ganin wannan gurbi kamar yadda yake ganin take, to babu mai kamawa. Amma ma'aikacin kamfanin ba sai ya ga gurbin ba. Sunan kamfaninsa kawai zai rubuta a akwatin bincike, duk abin da ya fito ya duba. Idan takalminka ya fito alhali ba nasu ba ne, ya san ka cusa sunan a wani wuri. Hanyar da ka buɗe wa mai saye, ita ce ta kawo lauya ƙofar shagonka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Canza wa tuwo suna ma ba ya aiki. Masu rubuta `Hrmes` ko `Guci` ko `N1ke` suna ganin sun yi dabara, amma manhajojin sa ido an daɗe da koya masu irin waɗannan karkatattun rubuce-rubuce, kuma yawancinsu yanzu suna duba hoto, ba rubutu kaɗai ba. Ga doka kuma, abin dubawa shi ne ko sunan ya yi kama da na asali har zai iya rikita mai saye, ba ko harafi ɗaya ya ɓace ba.

Me ya sa shafin ba ya tsayawa ya ji ta bakinka

Wanda aka sauke wa kaya yakan ji haushin cewa ba a ko tambaye shi ba. Dalilin yana cikin wata shari'a da aka yi a Amurka. A shekarar 2004 kamfanin kayan ado na Tiffany ya kai eBay ƙara saboda jabun kayansa da ake sayarwa a shafin. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yanke cewa ba za a kama eBay da laifi don kawai ta san a dunƙule cewa akwai jabu a shafinta ba. Za a kama ta ne idan an nuna mata takamaiman talla, ta sani, kuma ta bar ta. Kotun Tarayyar Turai ta bi layi mai kama da wannan a 2011, a shari'ar L'Oréal da eBay.

Ma'anar wannan ga shafukan a fili take. Da zarar ƙorafi ya iso, barin tallar ya zama haɗari gare su, sauke ta kuwa ba ya cin su komai. Shi ya sa kowane babban shafi ya buɗe wa masu alamomi ƙofa ta musamman. eBay tana da shirin VeRO tun 1998. Amazon tana da Brand Registry, a 2019 kuma ta ƙaro Project Zero, wanda ya ba wasu kamfanoni damar sauke tallar jabu da kansu ba tare da jiran ma'aikacin Amazon ba. Etsy tana da tata tashar kai ƙorafi, kamfanin Meta ma yana da irinta domin Facebook da Instagram, inda 'yan kasuwarmu na gida suka fi baje kolinsu. Shafin ba alƙali ba ne, kuma ba ya son zama alƙali. Mai karɓar saƙo ne: an ce sauke, ya sauke, ya ce ku je ku sasanta.

Sunayen da ba ka san sunaye ba ne

Wanda ya rubuta Hermès ko Nike ya san abin da ya taka. Tarkon da ya fi kama mai gaskiya shi ne sunan da ya ɗauka kalma ce ta kowa, wato irin Omo da maginmu, amma na Turanci.

A shagon baiwar Allahn nan akwai takalmin yara mai maɗaurin nan na manne, wanda ake ɓantarewa ya yi ƙara. Ta rubuta `velcro strap`, domin sunan da ta san kowa na kiransa ke nan. To Velcro sunan kamfani ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro maɗaurin. Haƙƙin ƙirƙirar ya ƙare a 1978, shi ya sa yanzu kowace masana'anta ke iya yin irinsa. Amma sunan bai ƙare ba, domin alamar kasuwanci ba ta mutuwa muddin ana amfani da ita ana kuma sabunta rajistarta. A 2017 kamfanin har bidiyon barkwanci ya fitar, da masu shigar lauyoyi suna roƙon jama'a su daina kiran kowane maɗauri da sunansa. Sunan da babu mai shi shi ne `hook and loop`.

Irinsu suna da yawa. `Onesies`, rigar jarirai mai maɓalli a ƙasa, alama ce ta kamfanin Gerber Childrenswear, kuma ta sa an sauke wa masu ɗinkin kayan jarirai tallace-tallace ba adadi. Kalmar da za ka sa ita ce `baby bodysuit`. `Vaseline` na Unilever ne, sunan man shi ne `petroleum jelly`. `Chapstick` shi ne `lip balm`, `Jacuzzi` kuma `hot tub`. Hatta `Shabby Chic`, da masu kayan adon ɗaki ke ɗauka sunan salo ne, alama ce mai rajista.

Me ya sa kamfanoni ke tsananta wa ƙaramin ɗan kasuwa a kan irin wannan? Ba mugunta ce zalla ba, tsoro ne. A dokar Amurka, idan suna ya zama na kowa a bakin jama'a, ana iya ƙwace shi daga mai shi. Haka ta faru da `aspirin` a 1921, da `escalator` a 1950. Kamfanin Bayer ya rasa sunan asfirin a Amurka, amma har yau nasa ne a Jamus da Kanada. Saboda haka kamfanin da ya ga sunansa na neman zama Omo, yakan ƙara ƙaimi wajen kai ƙorafi, domin kowane ƙorafi hujja ce gobe a kotu cewa bai yi sakaci da sunan ba.

Mu ma muna da namu a kayan da muka fi sayarwa. Gezna daga Getzner ta samo suna, masaƙar da ke Bludenz a Ostiriya, wadda asalinta ya koma 1818. Holan da sufa kuwa na Vlisco ne, kamfanin da ke Helmond a ƙasar Holan tun 1846. Mai sayar da shaddar da aka saƙa a Sin, idan ya rubuta `Getzner` a take don haka ake kiranta a kasuwa, a ido na doka ya yi iƙirarin cewa waccan masaƙa ce ta yi ta. Abin da ya dace ya rubuta shi ne `bazin riche` ko `guinea brocade` ko `cotton damask`. Mai atamfa kuma `african wax print` ko `ankara fabric` sun ishe shi.

Inda sunan ya halatta

Ba ana nufin sunan kamfani haramun ne a kowane hali ba. Akwai wurare biyu da yake da gurbi.

Na farko, idan kayan na kamfanin ne da gaske. Wanda ya sayi atamfar Vlisco ta asali yana da ikon sake sayar da ita da sunanta, haka mai sayar da agogo ko waya ta hannu. Dokar Amurka ta ce ikon mai alama a kan kaya ɗaya yana ƙarewa da ya sayar da shi karon farko. Sai dai a nan takarda ce ke magana. Ajiye rasiti, da hoton bakin yadi inda aka buga suna da lambar zane, da takardar dilan da ka saya a wajensa. Amazon musamman takan nemi takardar sayen kaya daga dila, kuma wanda ba shi da ita, ko kayansa na asali ne, zai sha wuya. A Turai akwai ƙarin sharaɗi: kayan da aka fara sayarwa a wajen yankin kasuwar Turai, mai alamar yana da ikon hana a shigo da su a sayar ba da izininsa ba, ko da ba jabu ba ne.

Wannan izini yana raunana idan ka sauya kayan. Telan da ya ɗinka riga da atamfar Vlisco ta gaske, ba Vlisco ce ta yi rigar ba, shi ya yi. Take mai cewa `Vlisco dress` yana nuna kamar daga kamfanin rigar ta fito. Abin da ya fi aminci shi ne take ya bayyana rigar, sannan a cikin bayani a faɗi gaskiyar yadin da aka yi amfani da shi. Ko hakan ma wasu kamfanoni ba sa yarda. Chanel ta kai masu mayar da maɓallanta na asali sarƙoƙin wuya kotu, duk da cewa maɓallan ba jabu ba ne.

Na biyu, idan an yi kayanka ne don a haɗa da nasu, kuma babu yadda mai saye zai gane sai an ambaci sunan. Baduku da ya ɗinka gidan waya na fata dole ya faɗi wayar da zai shiga. A nan tsarin jimla ne ke raba halal da haram. Kayanka ne zai zo farko, sannan kalmar `for` ko `fits` ko `compatible with`, sannan sunan. eBay da Amazon duk wannan tsari suka gindaya.

```
Ba daidai ba: iPhone 15 Leather Case
Daidai: Handmade Leather Case Compatible with iPhone 15
```

Na saman yana karantuwa kamar Apple ce ta yi gidan. Na ƙasan ya nuna wani ne ya yi, don wayar Apple. Sharuɗɗan uku ne: ambaton ya zama dole, kada ka ɗauki fiye da sunan, wato ban da tambari da salon rubutunsu, kuma kada wani abu ya nuna kamar sun amince da kai. Takalmin baiwar Allahn nan bai shiga wannan rukuni ba, domin ba a haɗa silifas da wani kayan Hermès. Kama da juna ba dacewa da juna ba ne.

Minti biyar kafin ka danna

Hanyar gane ko kalma tana da mai ita ba ta da wuya, kuma kyauta ce. Ofishin rajistar alamomi na Amurka yana da shafin bincike a `tmsearch.uspto.gov`. Na Turai da wasu ƙasashe da dama ana samunsu a TMview, hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da Global Brand Database. Ka rubuta kalmar, ka duba abu uku.

Da farko, tana raye? A shafin Amurka za ka ga `Live` ko `Dead`. Mai rai ita ce abin tsoro, ko rajistarta ta kammala ko tana kan hanya. Matacciya ma ba lasisi ba ce kai tsaye, domin a Amurka mai amfani da suna a kasuwa yana da wani haƙƙi ko babu rajista, amma haɗarinta ya ragu sosai.

Na biyu, a kan wane irin kaya aka yi rajistar? Duniya ta kasa kaya da ayyuka gida 45, bisa yarjejeniyar da aka yi a birnin Nice na Faransa a 1957. Turare da man shafawa suna gida na 3, sarƙa da agogo na 14, jakunkunan fata na 18, yadi na 24, tufafi da takalma na 25. Shi ya sa Dove ya zama sabulu a hannun Unilever, ya kuma zama cakulan a hannun Mars, ba tare da rigima ba. Idan kalmar tana da rajista a gidan kayanka, ka bar ta. Kada ka tsaya a lambar gidan kaɗai, ka karanta jerin kayan da aka lissafa a ƙarƙashinta. Manyan sunaye irin Coca-Cola ko Chanel kuwa, doka ta ba su kariya har a gidajen da ba sa sayar da komai.

Na uku, a wace ƙasa? Alamar kasuwanci tana da iyaka kamar fasfo. A Najeriya ofishin rajista yana Abuja, yana aiki da dokar 1965, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Amma abin da zai shafe ka ba inda kake zaune ba ne, inda ake ganin tallarka ne. Idan mai saye a Amurka zai iya ganinta ya saya, alamar da ke da rajista a Amurka ta isa ta sauke ta, ko da a Kano babu wanda ya taɓa jin sunan.

Sabon take

Mu koma ga silifas ɗin. Idan aka cire sunan aro, me ya rage? Abin da ya rage shi ne gaskiyar takalmin, kuma tana da yawa: fatar akuya ce, an jeme ta da bagaruwa, ɗinkin hannu ne, ba shi da tsini, daga Kano ya fito, ya dace da zafi da kuma tsarabar salla. Kowanne daga cikin waɗannan abu ne da wani ke nema.

```
Handmade Goatskin Leather Sandals, Tan Flat Slides for Women, Made in Kano Nigeria
```

```
leather sandals, goatskin sandals, handmade slides,
kano leather, vegetable tanned, eid gift for her
```

Sauran gurabe bakwai sai a cike su da launi, da lokacin sawa, da wanda ake saya wa. Gaskiya ne masu leƙe za su ragu, domin masu neman Hermès sun fi masu neman fatar Kano yawa. Amma wanda ya rubuta Hermès a akwatin bincike ba takalminka yake nema ba, arha yake nema, kuma shi ne ya fi saurin cewa a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya rubuta fatar akuya ɗinkin hannu kuwa, abin da ya nema ya samu.

Gyaran bai tsaya a take da kalmomin nema ba. Suna yana ɓuya a cikin dogon bayani, da sunan sashen shago, da rubutun da ake rataya wa hoto, da kalmomin da ake sa wa alamar `#` a Instagram. A Amazon akwai gurbin `Search Terms` da mai saye ba ya gani, kuma dokarta ta hana sa sunayen wasu kamfanoni a ciki. Yana ɓuya a hoto ma: kwalin lemo-lemo na kamfanin a bayan takalmi, ko jaka mai tambari a hannun wadda ta yi tallar. Tsofaffin tallace-tallacen da aka manta da su, su ma a bi su, musamman ga wanda ya saba kwafe kalmomi daga wannan zuwa wancan.

Akwai kuma iyakar da gyaran kalma ba ya ƙetarewa. Idan saman silifas ɗin an yanka shi ne da siffar harafin H kamar na Oran, to matsalar ta bar take ta koma jikin takalmin. Doka tana kare siffa da ado idan sun zama shaidar kamfani, kamar layuka uku na Adidas, da jan ƙasan takalmin Louboutin, da ƙirar jakar Birkin. A irin wannan hali ba mai rubuta talla za a yi wa magana ba, baduku za a ce ya canza yanka.

Idan saƙon ya riga ya zo

Abu na farko shi ne kada a sake ɗora tallar kamar yadda take, kuma kada a buɗe sabon shago don a kauce. Duka biyun suna gaggauta rufewa. Dokar Etsy da ta eBay duk sun ce wanda ƙorafi ya yawaita a kansa ana iya rufe asusunsa, kuma kuɗin da ke ciki na iya maƙalewa na watanni.

Sai a karanta saƙon da kyau a gane irin ƙorafin. Idan na haƙƙin mallakar hoto ko zane ne, dokar Amurka ta 1998 ta ba da damar mayar da martani a hukumance, kuma idan mai ƙorafi bai garzaya kotu cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 ba, ana iya dawo da tallar. Ƙorafin alamar kasuwanci ba shi da wannan ƙofa. A Etsy da eBay hanyar da aka saba ita ce a tuntuɓi wanda ya kai ƙorafin, wanda adireshinsa ke cikin saƙon, a nemi ya janye. Idan kayanka na asali ne, tura rasiti da hotuna. Idan kalma ce ka yi kuskure da ita, kamar ta maɗaurin takalmin yara, rubuta gajeren saƙo cikin ladabi, ka ce ka cire ta daga duk shagon. Wasu sukan janye, wasu ba sa ko amsawa.

Akwai matakin da ya fi wannan zafi. Wasu kamfanoni sukan haɗa masu shaguna ɗari ko fiye a ƙara ɗaya, galibi a kotun tarayya da ke Chicago, su samo umarnin daskarar da kuɗaɗensu tun kafin masu shagunan su ji labari. Dokar Amurka ta ba da damar tara har dala miliyan 2 a kan kowace alama da aka yi jabunta da gangan. Wanda ya ga saƙo mai lambar ƙara da sunan kotu, ya wuce matakin gyaran take, lauya zai nema, kuma kada ya yi shiru, domin shiru ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonsa.

Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suka rufe littattafansu masu tsada da ita, ba tare da sanin majemin da ya jeme ta ba. Wancan karon ba mu muka zaɓa ba. Yanzu kuwa gurbin haruffa 140 yana hannun mai kaya, kuma kalmar Kano haruffa huɗu kawai take ci.